Zafin Birki a Doguwar Gangara: Kada a Sace Iskar Taya Tana da Zafi

Duk direban da ya saba bin hanyar Jos zuwa Akwanga ya san Hawan Kibo, ya kuma san warin nan na ƙonewa da ke tashi daga ƙafafun motoci idan an sauko ƙasa. Da yawa sukan tsaya wurin mai faci a auna musu taya. Sai geji ya nuna iska ta haura yadda aka saba, mai faci ya ce, "Maigida, iskar ta yi yawa, bari a rage." A nan ake yin kuskuren. Iskar ba ƙaruwa ta yi ba, zafi ne ya kumbura ta, kuma zafin daga birki ya fito.

Birki ba ya ɓatar da ƙarfin gudun mota, mayar da shi zafi yake yi. Mu ɗauki mota mai nauyin kilo 1,500 da fasinja da kaya, wadda ta sauko gangara mai zurfin mita 300. Idan birki kaɗai ya riƙe ta har ƙasa, zafin da zai haifar ya isa ya kai lita 14 na ruwa ga tafasa. Yawancin wannan zafi a faifan birki biyu na gaba yake taruwa, kowannensu kuwa bai wuce ƙarfen kilo bakwai ba a ƙaramar mota. Ko da iskar hanya da sauran abubuwa sun kwashe rabi, ragowar ta isa ta ɗaga zafin faifan da digiri fiye da 300 a ma'aunin Salshiyas.

Zafin nan ba ya tsayawa wuri ɗaya. Daga faifai yakan bi ƙarfe ya shiga cibiyar ƙafa inda boris yake, daga nan ya wuce rim. Rim ɗin alminiyam ya fi na baƙin ƙarfe saurin ɗaukar zafi da yaɗa shi. Da rim ya yi zafi sai ya ɗumama iskar da ke cikin taya, ya kuma gasa bakin tayar da ke manne da shi. Tafiyar zafin tana ɗaukar lokaci, shi ya sa awon taya kan ci gaba da hawa na wasu mintoci bayan an tsaya, domin iskar da ke fifita ƙafar ta ɗauke. Masu motocin da ke nuna awon taya a allon gaban direba sukan ga haka da idonsu.

A tayar ƙaramar mota, duk ƙarin digiri biyar zuwa shida na zafi yana ƙara kimanin awo ɗaya a geji, wato abin da aka rubuta PSI. A ce an yi wa taya awo 32 da safe, zafin gari yana digiri 25. Bayan gangara iskar cikinta ta kai digiri 55, geji zai nuna kusan 37. Wannan ba haɗari ba ne, masu ƙera taya sun san da shi, shi ya sa awon da aka rubuta a jikin ƙofar direba na taya mai sanyi ne. Amma idan mai faci ya sace iskar ta koma 32 a wannan hali, kashegari da safe tayar za ta nuna kusan 28. Taya mai ƙarancin iska kuwa gefenta yakan riƙa lanƙwasa a kowane juyi, lanƙwasar ta haifar da nata zafin, har zaren ciki ya rabu da roba. An gudu ba a tsira ba, domin ƙarancin iska ya fi yawanta fasa taya a kan hanya.

To, mene ne amfanin geji a ƙasan gangara? Amfaninsa gwada taya da 'yar'uwarta. Idan tayoyin gaba sun fi na baya hawa, daidai ne, domin gaba ne ke ɗaukar yawancin aikin birki. Amma a ce an fito da safe duka suna 32, yanzu ta hagu ta gaba tana 36, ta dama kuma tana 41. Bambancin nan saƙo ne. Ko dai birkin dama yana kamawa ba ya saki bayan an ɗaga ƙafa, ko boris ɗinsa ya fara ci, ko kuma na hagu ne ba ya aiki sosai, ya bar wa na dama nauyin duka. Kusanto da bayan hannu kusa da rim ba tare da taɓawa ba, za ka ji wanda ya fi huci. Idan ka ga giris ya narke yana tsiyaya ta tsakiyar rim, ko faifan ya yi shuɗi-shuɗi, ko motar tana ja gefe ɗaya idan an taka birki, maganar ta makanike ce, ba ta mai faci ba.

Shi kansa birkin yana ba da alama iri biyu. Idan kana takawa ka ji fedar da tauri amma motar ba ta tsayawa yadda ta saba, takalmin birkin ne ya yi zafi har ya rasa kamu. Idan kuwa fedar ta yi laushi tana nutsewa ƙasa, man birki ne ya tafasa, kumfa ya shiga bututu. Sabon man DOT 3 yana jure aƙalla digiri 205, amma man birki yana shan danshi, kuma wanda ya sha ruwa yana iya tafasa a kusan digiri 140. Shi ya sa ake son canza shi duk bayan kamar shekara biyu.

Maganin abin tun daga saman gangara ake yinsa. A sa mota a lamba biyu ko uku kafin a fara sauka, injin ya riƙe ta. Mai otomatik ya mayar da giya zuwa L ko 2. Sakin mota firi don tsimin mai jibga wa birki aikin duka ne. Kada kuma a ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa. A taka sosai gudu ya ragu, sannan a saki ya sha iska.

Idan an ji wari, a nemi wuri mai faɗi a tsaya. Kada a watsa wa faifai ruwa, sanyin farat ɗaya yana iya karkatar da shi ko ya tsaga shi. Kada a ci gaba da danne birki a tsaye, takalmin yakan bar tabo a faifai mai zafi, daga baya sitiyari ya riƙa rawa. A kashe mota, a bar ta a giya, a sa waigi. Idan babbar mota ce kuma hayaƙi yana fita daga ƙafarta, kowa ya yi nisa, domin tayar da rim ya gasa tana iya fashewa ko bayan an tsaya.

Awon gaskiya sai taya ta huce: da safe kafin a tashi, ko bayan motar ta yi kamar awa uku a tsaye. Kafin nan, idan mai faci ya kai hannu zai sace maka iska a ƙasan gangara, ka ce masa ya bari.