Yadda makamashin abu mai garawa ke rabuwa gida biyu

Duk abin da ke garawa a ƙasa, taya ne ko ganga ko ƙwallo, motsi biyu yake yi a lokaci ɗaya. Tsakiyarsa tana tafiya gaba, jikinsa kuma yana juyawa a kewayen wannan tsakiya. Kowanne daga cikin biyun yana da nasa kason makamashi, jimillarsu kuwa ita ce makamashin motsin abin baki ɗaya. Masana kimiyyar lissafi suna danganta wannan ƙa'ida ga Johann Samuel König, wanda ya bayyana ta a shekarar 1751, kuma ga yadda ake rubuta ta:

K = ½mv² + ½Iω²

Kashi na farko, ½mv², shi ne na tafiya. Harafin m nauyin abin ne a kilo, v kuma saurin tsakiyarsa a mita cikin sakan ɗaya. Da a ce abin sulɓewa kawai yake yi ba ya juyawa, kamar akwatin da aka tura a kan santsi, wannan kashi kaɗai ne zai samu.

Kashi na biyu, ½Iω², shi ne na juyi. Alamar ω tana nuna saurin juyawa, ana kuma auna ta da radiyan a sakan. Zagaye ɗaya cikakke radiyan 2π ne, wato kusan 6.28. Harafin I kuwa yana nuna wuyar da ake sha kafin a juya abin. Ba yawan nauyi kaɗai ke ƙayyade shi ba, har da inda nauyin ya taru. Ɓangaren da ke can bakin taya yana kewaya da'ira babba a kowane zagaye, na kusa da tsakiya kuwa 'yar ƙarama, don haka na baki ya fi gudu, ya fi cin makamashi. Shi ya sa garegaren da yara ke korawa, wanda duk ƙarfensa a baki yake, ya fi faifai cikakke mai nauyi da girma irin nasa wuyar juyawa.

Muddin abin yana garawa ba tare da zamewa ba, motsin biyu a ɗaure suke da juna. A zagaye ɗaya, taya tana cin tazarar da ta yi daidai da kewayenta, wato 2πr, inda r ke nufin nisa daga tsakiya zuwa baki. Daga nan aka samu v = ωr. Ga siffofin da aka saba gani, ana rubuta I = kmr², k kuwa lamba ce da siffa kaɗai ke ƙayyadewa. Idan aka zuba waɗannan biyu cikin ƙa'idar farko, r yana ɓacewa gaba ɗaya:

K = ½mv²(1 + k)

Ga zobe ko bututu mai siririn bango, k ɗaya ne, saboda haka makamashin raba daidai ake yi tsakanin tafiya da juyi. Ga silinda cikakkiya, kamar gungumen itace da aka sassaƙe ya zagaye sarai, k rabi ne, juyi yana ɗaukar kashi ɗaya cikin uku. Ga dunƙulalliyar ƙwallo marar rami a ciki, k biyu bisa biyar ne, juyi yana ɗaukar kashi biyu cikin bakwai. Girman abin ko nauyinsa ba sa canza wannan rabo.

A ɗauki silinda cikakkiya mai nauyin kilo 10, wadda nisan tsakiyarta zuwa baki mita 0.2 ne. An ajiye ta a saman gangare, an sake ta ba tare da turi ba, ta gangaro har tsakiyarta ta sauko da mita 1.5. Makamashin da tsayi ya ba ta shi ne mgh, inda g, ƙarfin jan ƙasa, yake 9.8, h kuma tsayin da ta sauko. Lissafin ya zama 10 × 9.8 × 1.5, wato jul 147. Wannan adadi ne za a raba.

Tun da k rabi ne, K = ¾mv², wato 7.5v² = 147. Ke nan v² = 19.6, saurin silindar a gindin gangare ya kama kusan mita 4.43 a sakan. Kason tafiya shi ne ½ × 10 × 19.6, wato jul 98.

Ana iya lissafa kason juyi da kansa don a tabbatar. Da farko I = ½ × 10 × 0.04, wato 0.2. Sannan ω² = 19.6 ÷ 0.04, wato 490, abin da ke nufin silindar tana yin zagaye kusan uku da rabi a sakan. Kason juyi ya zama ½ × 0.2 × 490, wato jul 49. Idan aka haɗa 98 da 49 an dawo kan 147, kuma 49 kashi ɗaya ne cikin uku na 147, kamar yadda siffar ta nuna tun farko.

Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne mantawa da juyi, su ɗora jul 147 duka a kan tafiya. Wannan yana ba da mita 5.42 a sakan, saurin da sai abin da ke sulɓewa a kan santsi marar gogayya zai kai. Daga tsayi ɗaya na mita 1.5, dunƙulalliyar ƙwallo tana isowa da mita 4.58 a sakan, silinda da 4.43, zobe da 3.83. Idan aka sake su tare a gangare ɗaya, ƙwallo ce ta farko, zobe na ƙarshe, ko da zoben ya fi su nauyi nesa ba kusa ba. Wanda juyi ya ci masa kaso mai yawa, kaɗan ya rage masa na tafiya.

A nan wata tambaya kan taso. Gogayya da ƙasa ce ke sa silindar juyawa, to me ya sa ba a cire komai daga jul 147 saboda ita ba? Dalili shi ne ɗigon da ke taɓa ƙasa a tsaye yake cik a wannan ƙiftawar. Tafiya tana kai shi gaba da saurin v, juyi yana mai da shi baya da saurin ωr, su biyun suna soke juna. A saman silindar kuwa haɗuwa suke yi, shi ya sa can ke gudu ninki biyu na tsakiya. Tun da babu gurzawa a wurin haɗuwa da ƙasa, babu makamashin da ya zama zafi. Aikin gogayya a nan shi ne karkatar da wani kaso zuwa juyi.

Lissafin yana da iyaka. Idan gangaren ya cika tsayuwa ko ya yi santsi, gogayya ba ta isa ta riƙe abin ba, sai ya riƙa zamewa yana juyawa. A wannan hali rabon makamashi gida biyu yana nan daram, amma v = ωr ta daina aiki, wani kaso kuma ya tafi a zafi. Ana gane haka da alli: a yi wa bakin silindar shaida, a auna tazarar da ta ci a zagaye ɗaya. Ga silindar misalin nan ya kamata a samu mita 1.26. In tazarar ta wuce haka, ta zame.

Yashi da taya mai ƙarancin iska su ma suna shanye makamashi, domin wurin haɗuwar yana lotsawa. Ganga cike da ruwa kuma tana saɓa wa lissafin silinda cikakkiya, saboda ruwan ciki ba ya bin juyin gangar nan da nan. Kason juyinta yana raguwa, don haka a gajeren gangare takan riga gungumen itace isa ƙasa.