Rahoton lissafin gini: a rubuta shi yadda zai yi wa kansa bayani

Kafin a zuba kankaren bene, akwai takardar da ya kamata wani injiniya daban ya zauna ya karanta, wato rahoton lissafin da aka gina zanen a kansa. Sau da yawa wanda ya yi lissafin ba ya kusa. Ya koma wani aiki, ko kuma shekaru sun shuɗe. Saboda haka ma'aunin rahoto mai kyau ɗaya ne: mai dubawa ya iya ɗaukar kowace lamba ya bi sawunta har tushenta ba tare da ya nemi kowa a waya ba.

Shafin farko na abubuwan da aka ɗauka a matsayin gaskiya ne. A faɗi abin da za a yi da ginin, da ƙa'idar da aka bi har da shekarar bugunta, da ƙarfin kankare da na rodi, da nauyin da ƙasar wurin za ta iya ɗauka, a kuma bayyana ko gwaji aka yi ko ƙiyasi. Injiniyoyi da yawa a Nijeriya suna aiki da ƙa'idar Birtaniya BS 8110, wadda ke ninka nauyin ginin kansa da 1.4, nauyin mutane da kaya kuma da 1.6. Ƙa'idar Turai kuwa 1.35 da 1.5 take amfani da su. Wanda bai faɗi wadda ya bi ba ya bar mai dubawa cikin duhu.

Mu ɗauki bim mai tsawon mita 5 a gidan zama, wanda ke ɗauke da dekin mai faɗin mita 3 da kaurin milimita 150. Ana auna nauyi da kilonyutan, wanda ɗayansa ya kai kusan nauyin kilo 100. A kowace murabba'in mita, kankaren dekin 3.6 ne, tayil da filasta a ce 1.2, mutane da kayan ɗaki kuma 1.5. Rahoto ya nuna yadda aka haɗa su a layi guda:

```
1.4(3.6 + 1.2) + 1.6(1.5) = 9.12 kN/m²
```

Amfanin rarrabe su a fili yake. Idan gobe mai gida ya mayar da saman ajin makaranta, 1.5 ɗin nan zai koma 3.0, jimillar ta tashi zuwa 11.52, ƙarin da ya haura kashi ɗaya cikin huɗu. Mai dubawa zai gane haka nan take, muddin an rubuta cewa gidan zama aka yi wa lissafi.

Daga nan sai hanyar da nauyi ke bi: daga dekin zuwa bim, daga bim zuwa ginshiƙi, daga ginshiƙi zuwa harsashi, sannan ƙasa. A bi wannan jeri wajen tsara shafuka, a sa ƙaramin zane mai kibiyoyi, kuma sunan da aka ba bim a lissafi ya zama shi ne a kan zane. A misalinmu, idan aka ninka 9.12 da faɗin mita 3, aka ƙara nauyin bim ɗin kansa, kowace mita tana ɗauke da kusan 29.6, wato 148 gaba ɗaya, kowane ginshiƙi ya karɓi 74. Dole 74 ɗin nan ta sake bayyana a shafin ginshiƙi tare da lambar shafin da ta fito. A nan ne nauyi ya fi ɓacewa, musamman bangon bulo da aka ɗora kan bim aka manta. Hanyar ganowa ita ce a tara duk nauyin da aka ɗora wa gini, a gwada shi da wanda ya isa harsashi. In ba su yi daidai ba, akwai ɓaraka.

Sakamako kuma a rubuta shi gefe da gefe: abin da ake buƙata da abin da aka sa. A bugun 1997 na BS 8110, bim ɗinmu mai zurfin milimita 450, idan an zuba shi tare da dekin, yana buƙatar rodi kimanin murabba'in milimita 557 idan ƙarfin rodin 460 ne. Rodi uku masu kaurin milimita 16 suna ba da 603, sun wadatar. Amma idan rodin da aka sayo mai ƙarfin 410 ne, buƙatar ta koma 625, ukun nan sun gaza. Layi guda a shafin farko ne ke fallasa wannan.

Tarin shafukan da kwamfuta ta fitar ba ya maye gurbin wannan bayani. A nuna abin da aka shigar mata, a haɗa da ɗan lissafin hannu mai tabbatar da amsarta, a rubuta kwanan wata da dalilin kowane gyara. Injiniyan da zai buga hatiminsa na COREN ya fara miƙa rahoton ga abokin aikin da bai san ginin ba. Duk inda abokin ya tsaya ya yi tambaya, a koma a rubuta amsar cikin rahoton kafin a sa hannu.