Takardar Kuɗin Wuta Ta Yi Tsada: Daga Ina Ake Fara Bincike?

A kusan kowane dangi akwai wanda ake turo wa hoton takardar kuɗin wuta a waya. Wani lokaci ko sallama babu, sai hoton da aka ɗauka a karkace, an zagaye wani babban adadi da biro, a ƙasa an rubuta "Me ya sa?" Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce "zaluncin 'yan NEPA ne kawai". Tana iya zama gaskiya, amma ba ta rage wa kowa ko kwabo, don babu ofishin da zai gyara takarda saboda an ce masa an yi zalunci. Sai an nuna layin da matsalar take.

Adadin da ke ƙasan takardar ba abu ɗaya ba ne. Kamar lissafin mai karɓar hatsi bashi ne a wurin ɗan kasuwa: mudu nawa aka auna masa, nawa ne kuɗin mudu, nawa kuma ake bin sa tun daga baya. A takardar wuta mudun shi ne yunit, wanda ake rubutawa kWh. Idan kuɗi ya yi tsalle, to ko yunit ne ya ƙaru, ko farashinsa, ko an ɗora tsohon bashi. Sau da yawa biyu ne suke haɗuwa, ko ma duka ukun.

Bari in bi takardar wata ƙanwata mai sayar da ƙanƙara da zoɓo a gida, wadda ta turo mini a bazarar 2025. Ta saba biyan wajen naira 13,000 a wata, sai ga takarda ta ce naira 118,016.

Ba babban adadin nake fara dubawa ba. Nakan nemi layin kuɗin wannan wata kaɗai, wanda galibi ake rubuta wa Current Charge, da layin tsohon bashi, wato Arrears. A takardarta kuɗin watan naira 69,816 ne, bashi kuma naira 48,200. Tun daga nan tambayar ta rabu biyu, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na abin da ya tayar mata da hankali ba shi da alaƙa da wutar da ta sha a watan. Bashi irin wannan yana da asali kaɗan da aka sani. Ko an biya kuɗi bayan an riga an buga takardar, ko an biya a wurin mai POS ya yi kuskure a lambar asusu kuɗin ya tafi gidan wani, ko an daɗe ana biyan rabi-rabi ragowar tana taruwa, ko kuma ɗan haya ya gaji bashin wanda ya tashi. Takardar tana nuna kuɗin ƙarshe da aka biya da ranar biyan. Nata ya nuna biyan watanni biyu da suka wuce, alhali ta biya naira 13,300 a watan jiya kuma rasit yana hannunta. Sauran naira 34,900 kuwa sun daɗe a kan gidan tun kafin su tare, ita dai ba ta taɓa kula da layin ba. Shi ya sa hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, take jan hankalin mai shiga sabon gida ya sanar da kamfani duk bashin da ya tarar kafin ya tare.

Sai farashi, kuma a 'yan shekarun nan shi ne ya fi gigita mutane. Tun 2020 aka raba masu amfani da wuta a Najeriya rukuni biyar bisa yawan sa'o'in da ya kamata layinsu ya samu a rana: rukunin A aƙalla sa'a 20, B sa'a 16, C sa'a 12, D sa'a 8, E sa'a 4. A watan Afrilun 2024 NERC ta ɗaga farashin rukunin A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kowane yunit. Ya sauko zuwa 206.80 a watan Mayu, ya koma 209.50 a Yuli, sauran rukunan kuma aka bar su a tsohon farashi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, layin da ke ba unguwa wuta ake sa wa rukuni, ba gida ba. Idan aka mayar da layin unguwarku daga B zuwa A, kowa ya shiga, da mai kanti da mai ɗaki ɗaya, ko da ba wanda ya ƙara ƙwai guda.

Abin da ya same ta ke nan. A tsohuwar takardarta farashin yunit wajen naira 65 ne, a sabuwar kuma an rubuta 209.50, harafin rukunin ya koma A. Lissafin yana da sauƙi a yi shi a waya: yunit 310 sau 209.50 ya ba da naira 64,945. A ɗora harajin VAT, wanda yake kashi 7.5 cikin 100 tun Fabrairun 2020, wato wajen naira 4,871, a samu 69,816. Lissafin kamfani ya yi daidai. Da a tsohon farashi ne, wannan yunit 310 ɗin da harajinsa ba zai kai naira 22,000 ba. Tambayar da ta rage a nan ba ta cikin hoton: shin unguwar tana samun sa'a 20 ɗin da ake karɓar kuɗinta? Idan ba ta samu, wannan ƙorafi ne mai tushe, kuma ya fi ƙarfi idan maƙwabta suka yi mako biyu suna rubuta lokacin da aka kawo wuta da lokacin da aka ɗauke, sannan su kai tare.

Yanzu sai yunit ɗin kansa, inda aka fi buƙatar natsuwa. Tambayar farko ita ce daga ina aka samo adadin. Idan gidan yana da mitar da ake zuwa karantawa, takardar za ta nuna karatun baya da na yanzu, bambancinsu shi ne abin da aka sha. Nata 8420 ne da 8730, bambanci 310. Sai na ce mata, "Ƙanwata, je ki ɗauko mini hoton fuskar mitar yanzu." Ta nuna 8791, wato ta ɗan wuce abin da ke takarda, kamar yadda ya kamata bayan kwanaki da karatu. Da mitar ta nuna ƙasa da 8730, to an yi kuskuren karatu ko ba a zo ba sam, kuma wannan hoto kaɗai ya isa hujja. Akwai kuma wani tarko da ke kama masu mita: a yi watanni ba a zo karatu ba ana rubuta ƙiyasi kaɗan-kaɗan, ranar da aka karanta sai duk gibin ya faɗo a takarda ɗaya. Ana gane shi idan aka jera takardun baya aka ga yunit iri ɗaya yana maimaituwa wata bayan wata.

Gidan da ba shi da mita kuwa, adadin ƙiyasi ne tsantsa, kuma a nan ne aka fi cutar talaka. Amma ko ƙiyasin yana da iyaka. Tun Fabrairun 2020 NERC ta sa ƙa'idar cewa akwai adadin yunit da kamfani ba zai wuce ba ga marar mita, ana kuma wallafa wannan iyaka layi-layi a shafin hukumar. A farkon 2024 hukumar ta ci tarar kamfanonin rarraba wuta goma sha ɗaya sama da naira biliyan 10 saboda ƙetare ta. Don haka marar mita ya nemi sunan layinsu a takarda, ya gwada yunit ɗin da aka rubuta masa da iyakar watan.

Tunda karatun mitarta gaskiya ne, saura a gano me ya ci wutar, don a da yunit 190 take sha. Lissafin kowace na'ura ɗaya ne: ƙarfinta a wat, sau sa'o'in da take aiki, a raba da 1,000. Ƙwan zamani mai wat 10 ko ya yi sa'a 10 kullum yunit 3 kawai zai ci a wata, don haka masu faɗa da yara kan kashe fitila ba nan kuɗinsu yake tafiya ba. Masu cin wuta su ne abubuwan da ke zafafawa ko sanyayawa. Hitar dafa ruwa mai wat 1,500, sa'a ɗaya a rana, yunit 45 ce a wata. Na'urar sanyaya ɗaki mai wat 1,100, sa'a shida a dare, ta kusa yunit 200. Da na tambaye ta ko ta ƙara wani abu, sai ta ce, "Yaya, firiza ɗaya ce kawai, ta hannu ce ma na saya saboda azumi." Tsohuwar firiza mai wat 200 da ake cika ta da ledar ruwa a zafin Maris, injinta yana iya yin sa'a 15 yana aiki a rana, wato yunit 90 a wata. Ga shi kuma wutar ta fi zama yanzu, fankoki biyu da a da suke tsaye rabin yini sun koma juyawa dare da rana, kowace wat 70. Ƙarin yunit 120 ɗin ya fito ba tare da an zargi kowa ba.

Da lissafin kayan gida bai kai ba, akwai gwajin da ba ya cin kuɗi. A lokacin da akwai wuta, a kashe komai, a zare kowane fulogi, a tsaya gaban mita. Idan jar fitilarta tana ci gaba da ƙyaftawa ko lambar tana motsi, wani abu yana jan wuta: ko wani ya jona waya daga gidan, abin da ake yawan samu a gidajen haya da shagunan da ke jikinsu, ko tsohuwar waya ce take zubar da wuta a cikin bango. Wannan aikin mai gyaran wuta ne, kada maigida ya taɓa da kansa, kada kuma a ɓalle hatimin mita, don laifi ne mai tara.

A ƙarshe abin da ƙanwar tawa za ta iya ƙalubalanta shi ne naira 13,300 da ba ta shiga ba, da bashin 34,900 da ba nata ba, da batun sa'o'in rukunin A. Hanyar kuma a rubuce take. Ana fara kai ƙorafi sashen koke-koken abokan hulɗa na kamfanin, da kwafin takardar, da rasit, da hoton mita mai kwanan wata, a kuma karɓi shaidar cewa sun amsa. Idan aka yi kwana 15 na aiki ba a warware ba, sai a wuce ofishin sauraren ƙorafi na NERC da ke yankin, ko hukumar jiha a jihohin da suka karɓi kula da harkar wutarsu bayan dokar lantarki ta 2023. Marar mita da yake jayayya da ƙiyasi yana da damar ci gaba da biyan adadin takardar ƙarshe da bai yi jayayya da ita ba har a yanke hukunci. Ita kuwa mai mita, na ce ta biya kuɗin watan na 69,816 tunda ta sha wutar, ta rubuta ƙorafi kan sauran, sannan ta zauna ta lissafa ko ribar ƙanƙarar firiza ta biyu tana rufe naira 20,000 da take ci a wata.