Wasiƙar Sakatare Bayan Zama Mai Zafi

A ce kwamitin amintattun wata ƙungiyar gama-kai ya shafe awa 4 yana jayayya kan kwangilar gina rumbun ajiya, har wani mamba ya fice a fusace. Sakatare ya rubuta shafi 15, amma shafi 3 zai miƙa wa shugaba. Wasiƙar da za ta raka su ce za ta wanke shi daga zargin ɓoye gaskiya.

Bayan "Ranka ya daɗe", sai ya ambaci ranar zaman da adadin mahalarta, ya kuma tabbatar cewa waɗanda suka rage bayan ficewar sun kai yawan da tsarin mulkin ƙungiyar ya gindaya. In ba su kai ba, hukuncin da aka yanke daga baya ba shi da ƙafar tsayawa.

Daga nan ya faɗi abin da ya cire: zage-zage da maimaici. A ganina nan ne amanarsa take. Zargin cewa an yi wa kwangilar aringizo ba zagi ba ne, dole ya shiga. Haka ƙuri'a, 5 sun amince, 3 sun ƙi, da sunan duk wanda ya nemi a rubuta rashin amincewarsa.

A ƙarshe ya tuna wa shugaba cewa wannan daftari ne, sai zama na gaba ya amince kafin a sa hannu, kuma cikakken rubutun yana ajiye a fayil.