Idan Lokacin Tashi Ya Yi, Kankare Kuma Bai Gama Zubuwa Ba

Akwai aikin da ma'aikaci zai ajiye da ƙarfe biyar ya dawo gobe ya tarar da shi yadda ya bar shi. Zubin dekin ba ya cikinsu. Kankare yakan fara kamawa cikin awa ɗaya zuwa biyu, a zafin bazara ma ya fi sauri. Idan aka tsaya a tsakiya aka ci gaba washegari, sabon ba zai haɗu da tsohon sosai ba, kuma ta wannan gaɓar ce ruwa yake bi ya kai ga rodi. Shi ya sa rigimar obatayim ta fi tashi a irin wannan rana.

A ɗauki misalin dekin mai tsawon mita 12, faɗin mita 10, kaurin santimita 15. Kankaren da zai ci kubik 18 ne. An fara da ƙarfe takwas, an huta awa ɗaya don Azahar da abinci, da ƙarfe biyu kuma an zuba kubik 10. Helima mai lura a nan yake tsayawa ya yi lissafi. Ana zuba kubik biyu a awa, saura takwas, ke nan sai ƙarfe shida. A ƙara La'asar, da shafe sama, da wanke injin kwaɓi, da kuma gajiyar masu hawa da kwanon sarki, sai a ga bakwai ta yi. Awa biyu ce za a ƙara, kuma an san da haka awa uku kafin tashi.

Abin da ya kamace shi daga nan shi ne ya kira wanda ke da ikon amincewa da kuɗin, ɗan kwangila ne ko mai gini. Yawancin kuɗin obatayim da suka maƙale daga nan suka samo matsala: helima ya ce a ci gaba, ranar biya kuma mai kuɗi ya ce shi bai ba da umarni ba. Saƙon waya mai ɗauke da yawan mutane da awoyi da farashi ya isa shaida.

Kafin ya yi wa kowa alkawari kuma sai ya leƙa kaya. Kubik takwas zai ci buhun siminti wajen hamsin. In babu su, ko babu mai a janareta da fitilar da za ta haska saman bene bayan Magariba, tsare mutane ɓata kuɗi ne. Gara injiniya ya nuna wurin da za a yanke zubin, a tokare shi da katako a miƙe, washegari a farfasa fuskar a wanke kafin a ɗora.

Batun farashi ne ya fi jawo gardama, domin mutane da yawa sun ɗauka doka ta yanka shi. A Najeriya, sashe na 13 na Dokar Ƙwadago ya ce duk awoyin da suka haura waɗanda aka amince a kansu obatayim ne, amma bai faɗi nawa za a biya ba. An bar wannan ga yarjejeniyar ɗaukar aiki ko ta ƙungiyar ƙwadago. Awa ɗaya a kuɗin ɗaya da rabi al'ada ce da ta yaɗu, ba wajibi ba. A Ghana dokar 2003 ta ɗan fi tsauri, don ta hana a sa ma'aikaci obatayim a wurin da ba a tsayar da farashinsa ba.

Saboda haka a yi ciniki kafin biyar. Idan yinin lebura naira 8,000 ne a awa takwas, awarsa 1,000 ce. A ɗaya da rabi, awa biyu ta zama 3,000, mutum goma sha biyu kuma 36,000. "Za a duba ku" ba farashi ba ne, kuma lebura da ya yarda da ita yakan tashi da kuɗin mota kawai.

Ba kowa ne zai iya tsayawa ba. Wani gidansa da nisa, wani yana da mara lafiya. Wanda aka tambaya da ƙarfe biyu yana da damar sanar da gida, helima ma yana da lokacin nemo madadi. Wanda aka tare a bakin ƙofa yana wanke ƙafa kuwa, ko ya tsaya, da ɓacin rai zai yi aikin. Duk wanda aka ga yana tangaɗi a kan tsani a sallame shi, ko da shi yana son kuɗin.

In an gama, a rubuta sunan kowa da lokacin da ya tashi, ya sa hannu ko ya dangwala a daren. Shi ma ma'aikaci ya riƙe nasa lissafin a takarda ko a waya, domin idan magana ta kai ofishin ƙwadago ko Kotun Ma'aikata, wannan rubutun za a fara nema.