Jawabin Godiya da Harshen Aro a Ranar Bankwana da Malami

Malamin da ya kai ga yin ritaya a makarantar gwamnati ya daɗe da alli a hannu. A Najeriya, dokar da aka sanya wa hannu a 2022 ta ɗaga wa'adin aikin malamai daga shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki zuwa 65 ko 40. Wanda ya yi wannan daɗewa ya koyar da uba, ya koyar da ɗa. Shi ya sa walimar bankwanarsa ba ta tsayawa a kan malamai da ɗalibai. Dagaci zai zo, liman zai zo, iyaye za su cika rumfa, kuma yawancinsu Hausa suke ji.

Sau da yawa wanda ya fi cancanta ya yi godiya a madadin malamai ba Bahaushe ba ne. Tun da aka kafa shirin hidimar ƙasa a 1973, matasa daga Kudu suke zuwa makarantun Arewa, wasu kuma su zauna. Mu ɗauki misalin malamar lissafi da ta zo daga Kudu, ta yi 'yan shekaru a wata sakandare a ƙasar Katsina. Hausarta ta isa cefane da gaisuwa. An ce ita za ta gode wa tsohon shugaban makarantar, wanda kowa yake kira Baba, ta kuma zaɓi ta yi da Hausa don iyaye su ji. Zaɓin daidai ne, amma yana bukatar shiri.

Abu na farko shi ne tsawo. Mai magana da harshen da ba nasa ba yana tafiya a hankali, kuma idan tsoro ya shigo numfashi yana gajarta. Minti biyu ya ishe ta, wato kalma 120 zuwa 150, a cikin jimloli goma sha biyu ko kusa da haka. Kowace jimla ta zama wadda za a faɗa da numfashi ɗaya. Wadda ta fi haka a raba ta biyu.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen rubutawa. Malamar za ta zauna ta rubuta shafi guda da Turanci, ta kai wa malamin Hausa ya juya mata. Shi kuma, don son ya fitar da ita kunya, sai ya zuba mata karin magana da kirari da kalmomin da ba ta taɓa furtawa ba. A takarda abin zai yi kyau. A gaban jama'a kuwa idonta ba zai bar takardar ba, kuma duk mai sauraro zai gane cewa maganar ba tata ba ce. A ganina wannan taimako cutarwa ne. Abin da ya fi shi ne a zaunar da ita, a tambaye ta da Hausa, “Me Baba ya yi miki da ba za ki manta ba?” Amsar da ta bayar da bakinta ita za a rubuta, a gyara nahawu kawai. Ga irin abin da zai fito:

“Ranka ya daɗe dagaci, malam liman, iyayenmu da sauran manyan baƙi, barkanmu da wannan rana. Hausata kaɗan ce, ku yi haƙuri da ni. Baba, ranar da na zo makarantar nan ban san kowa ba. Ku kuka nema mini ɗaki. Ku kuka raka ni aji, kuka ce wa yara, ‘Wannan 'yata ce, ku girmama ta.’ Tun daga ranar ban sake jin ni baƙuwa ba ce. A madadin malamai, mun gode. Za mu yi kewarku. Idan mun saɓa muku, ku yafe mana. Allah ya saka da alheri. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Allah ya albarkaci zuri'a.”

Wannan bai ma cika kalma ɗari ba, kuma babu abin da ya rage. Gaisuwar ta ambaci manya biyu da iyaye ta rufe da sauran baƙi, domin jera sarautu goma shi ne inda harshe yake sarƙewa, kuma wanda aka tsallake zai ji zafi. Ba da haƙuri a kan ƙarancin Hausa sau ɗaya ne tak. Labarin guda ɗaya ne, kuma shi ne jawabin: kowa zai iya cewa Baba mutumin kirki ne, amma ita kaɗai ce za ta iya ba da labarin ɗakin. Neman yafiya kuwa al'adar rabuwa ce a wurinmu, wanda ya taso a wani wuri ba lalle ya san da ita ba, sai an faɗa masa. Addu'a ta zo ƙarshe saboda dalili: bayan kowace jimla jama'a za su ce amin, mai magana ta samu ta numfasa, kowa kuma ya san an kammala. Ko Musulma ce ko Kirista, waɗannan addu'o'i na kowa ne.

Akwai tarko uku da mai taimako zai sa wa kunne. Na farko, ka da ki, ya da ta. Yarbanci da Ibo ba sa raba namiji da mace a wakilin suna, don haka mai jin su yakan ce wa dattijo “kin taimake ni”. Maganinsa na nan cikin ladabinmu: ta riƙe ku daga farko har ƙarshe, ta huta da zaɓi, ta kuma girmama shi. Na biyu, haruffa masu lanƙwasa. Idan ƙ ta gagara, manyan baƙi za su koma manyan baki. A gwada ta, in ta yi tuntuɓe sau uku a wuri ɗaya a canza kalmar, a ce “da duk jama'ar da suka zo”. Na uku ya fi nauyi. Mai tunani da Turanci zai so ya ce tafiyar Baba babban rashi ce, ya ce “mun yi rashi”. A kunnen Bahaushe wannan maganar mutuwa ce, ba a yi wa mai rai ita yana zaune a kujera. Kewa ita ce kalmar.

Sai maimaitawa. Ta faɗi jawabin da ƙarfi, a tsaye, ta ɗauki muryarta a waya ta saurara, sannan ta gwada a gaban wani da ba shi ya taya ta rubutawa ba, ko da mai gadin makaranta ne. Idan ya iya maimaita mata labarin, jawabin ya nuna. Ranar taro ta riƙe ƙaramar takarda mai kan maganganu kawai, kuma idan ta zo kan “mun gode” ta dubi Baba.

Haka abin yake ga Bahaushen da za a ce ya gode wa malami da Turanci a Legas, ko da Faransanci a Yamai, ko da Larabci a Islamiyya. Faransanci yana da jam'in girmamawa irin namu, Turanci ba shi da shi, sai a sa girmamawar cikin laƙabi da murya.

Mai karatu, idan abokin aikinka ya zo maka da irin wannan bukata, kada ka rubuta masa. Ka zauna ka saurari Hausarsa, ka gyara masa ka da ki, ka cire masa “rashi”, ka bar masa sauran yadda ya faɗa.