Albashin Disamba da Kuɗin Wuta: Bashin da Ke Ɓuya Cikin Ribar Shago

Yawancin masu ƙananan shaguna sukan rufe lissafin shekara da hanya guda: a tara abin da ya shigo, a cire abin da ya fita, saura shi ne riba. Sai dai akwai kuɗin da shago ya riga ya ci amfaninsu amma ba su bar aljihun tebur ba tukuna. Biyu daga ciki sun fi yawan faruwa, wato albashin yaran shago da kuɗin wutar lantarki. Ƙa'idar akantoci a nan ita ce, ana rubuta kashe kuɗi a shekarar da aka mori abin, ko da biyan zai faɗo a shekara mai zuwa.

A ce akwai mai shagon kayan masarufi a Kano da ke rufe littafinsa ran 31 ga Disamba, kuma lissafin ya nuna masa ribar naira 1,200,000. Yana da yara biyu, kowanne albashinsa 45,000, amma sai ran 5 ga wata yake biyansu. Ke nan aikin Disamba an yi shi, naira 90,000 kuma ta hau kansa. Ɗaya daga cikin yaran ya karɓi 10,000 a tsakiyar wata don wata lalura, an kuwa rubuta ta cikin kuɗin albashi tun ranar. Abin da ya rage a ƙara shi ne 80,000. Zai rubuta ta wuri biyu: cikin kuɗin da aka kashe a shekarar, da kuma cikin jerin bashin da ake bin shago.

Wuta ta fi ɗan wuya, domin bil ɗin Disamba na KEDCO sai a Janairu zai iso. Dole a ƙiyasta. Maigida ya duba mita ran ƙarshen wata, ya cire karatun da ke kan bil ɗin da ya gabata. A ce bambancin yunit 200 ne, farashin da ke kan takardar kuma naira 100 kowane yunit. Ya zama 20,000, a ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wato 1,500, jimla 21,500. Wanda ba shi da mita, ana kawo masa bil na ƙiyasi, sai ya ɗauki matsakaicin na watanni ukun baya. Mai mitar kati kuwa ba a bin sa komai, don ya biya kafin ya sha. Nasa ma akasin haka ne: yunit ɗin da suka rage a mita kuɗin shekara mai zuwa ne.

In aka haɗa biyun, bashin ya kama 101,500, ribar gaskiya ta sauko zuwa 1,098,500. Wannan ragin ba wasa ba ne idan akwai wanda ya zuba jari ana raba riba da shi. Da an raba a kan adadin farko, da an raba har da haƙƙin yara da kuɗin wuta, sannan a zo Janairu a taɓa uwar kuɗi don a biya su.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne Janairu. Ranar da aka biya yaran 80,000 ɗin nan, bashi aka sauke, don haka a soke ta daga jerin bashi, kada a sake rubuta ta a matsayin albashin sabuwar shekara. In bil ya zo da 24,000 maimakon 21,500, sai a share bashin, ragowar 2,500 kaɗai ta shiga lissafin sabuwar shekara. A kuma lura da tsohon bashin da akan ɗora a kan bil: in an taɓa rubuta shi a baya, ba a sake ƙirga shi.

Wanda zai fara wannan tsari bana yana da ƙarin aiki ɗaya. Albashi da bil ɗin da ya biya a Janairun da ya wuce na Disambar bara ne, sai ya fitar da su daga lissafin bana kafin ya ƙara na wannan Disambar.

Gane kuskure ba shi da wuya. A buɗe shafin albashi da na wuta a ƙirga watanni. In goma sha ɗaya aka samu, an manta da bashin ƙarshen shekara, ribar ta kumbura. In goma sha uku ne, an rubuta wani wata sau biyu. Sai kowane shafi ya nuna wata goma sha biyu cif, daga Janairu zuwa Disamba, sannan a zauna rabon riba.